Yadda ake fitar da mafi ƙarancin kuɗin awa kafin a yanka wa kwastoma farashi

Duk ɗan kasuwar da ke Sabon Gari ya san nawa ya saro kayansa, shi ya sa idan ka taya ƙasa da uwar kuɗinsa ba ya ɓata lokaci, "albarka" zai ce maka. Mai aiki ta intanet kuwa, ko zane yake yi, ko fassara, ko rubutu, ko haɗa shafi, sau da yawa bai san tasa uwar kuɗin ba. Yana duba farashin da wasu suka rubuta a dandalin neman aiki ta intanet irin su Fiverr ko Upwork, ya rage kaɗan don a ɗauke shi, ya yi ta aiki dare da rana, wata ya ƙare yana neman rancen kuɗin cefane. Abin da za mu fitar a nan lamba ɗaya ce: kuɗin awa ɗaya na aikinka wanda ƙasa da shi asara kake yi, ko da kuwa dala ce ake biyan ka.

Za mu bi lissafin da misalin wani mai zanen tambarin kamfanoni da ke zaune a Samarun Zariya, yana da mata da 'ya'ya biyu, kuma wannan aikin ne kaɗai hanyar samunsa. Kuɗaɗen da zan sa masa na misali ne. Ka ɗauki biro da takarda ka sa naka a gurbinsu.

Mataki na farko: abin da gida da aiki ke ci a shekara

Ka yi lissafin na shekara, sannan ka raba gida 12. Dalili shi ne manyan kuɗaɗen da ke karya mutum a Zariya ba wata-wata suke zuwa ba. Haya sau ɗaya ake biya a shekara, kuɗin makaranta sau uku, ga azumi, ga ɗinkin Sallah, ga ragon layya. Wanda ya tsaya a kan abin da ya kashe a watan jiya zai ga kamar rayuwarsa ba ta da tsada, sai ranar da mai gida ya aiko.

Mutumin namu yana biyan hayar naira 480,000 a shekara, wato 40,000 a wata. Cefane da hatsi da gas suna cin 150,000. Kuɗin makarantar yaran 60,000 ne duk zango, ya kama 15,000 a wata. Magani da asibiti ya ware 10,000, kuɗin keke da acaɓa 15,000. Azumi da Sallah biyu suna cin kimanin 300,000 a shekara, wato 25,000 a wata. Akwai kuma 25,000 na iyaye da zumunci, kuma ina roƙon ka kada ka tsallake wannan layin. Abin da kake kai wa mahaifiya a cikin birni, da gudummawar biki da suna, da ɗan abin da ake miƙawa a wurin ta'aziyya, duk za su fita daga aljihunka ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba. Gara su shiga farashi tun farko. Jimillar gida ta zama 280,000 a wata.

Sai abin da aikin kansa ke ci. Data 25,000. Kuɗin wuta da man janareta na awannin da aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, 30,000. Manhajar zanen da yake biya wata-wata, 10,000. Na huɗun shi ne wanda kusan kowa ke mantawa: kwamfutar da yake aiki da ita tana tsufa. Idan sabuwa irin tata 540,000 ce, kuma yana sa ran za ta yi masa shekara uku, to kullum wata tana cin 15,000 ko da ba ta lalace ba. Jimillar aiki 80,000. Gida da aiki sun zama 360,000.

A kan wannan ya ɗora 40,000 na ajiya, domin mai aikin kansa ba shi da fansho, ba shi da albashin ranar jinya. Ya kuma ɗora haraji. A dokar harajin da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko na samun mutum a shekara ba a cire musu komai, miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kashi 18. Ga mai samu irin nasa, bayan an fitar da kuɗin da aikin ya ci, abin yana kamawa kusan 50,000 a wata. Ke nan yana bukatar naira 450,000 su shigo hannunsa duk wata, wato 5,400,000 a shekara.

Mataki na biyu: awannin da ake biya, ba awannin da ake zaune ba

A nan lissafin yawancin mutane ke rushewa, don haka zan ɗan daɗe a kansa. Mutum zai ce, ai ina aiki awa 40 a mako, awa 160 a wata, in na raba 450,000 da 160 na samu kusan 2,800, shi ke nan kuɗin awata. Wannan lissafin ma'aikacin ofis ne, wanda ake biyansa ko yana aiki ko yana jiran aiki. Kai kuwa ba wanda zai biya ka awar da ka kwashe kana rubuta takardar neman aiki, ko kana amsa tambayoyin wanda daga ƙarshe bai ba ka aikin ba.

Fara da makonni. Shekara mako 52 ce, amma ba duka za ka zauna a gaban kwamfuta ba. Ƙaramar Sallah da babba za su ɗauki kusan mako biyu. Goman ƙarshe na azumi aiki yana raguwa ƙwarai. Zazzaɓi zai kwantar da kai ko wani a gidan, za a yi tafiyar biki ko rasuwa, wata rana kwamfuta za ta kwana biyu ko uku a wurin mai gyara. Mutumin namu ya cire mako 6, ya rage 46.

Sai awannin cikin mako. Kada ka yi ƙiyasi da ka, domin kowa yana ganin ya fi aiki fiye da yadda yake yi. Ka ajiye ƙaramin littafi kusa da kwamfuta na mako biyu ko uku. Duk abin da ka fara ka rubuta lokacin farawa da na gamawa, a gefe ka sa alama idan akwai wanda zai biya wannan lokacin, in babu ka bar wurin fili. Shafin rana ɗaya zai iya kasancewa haka: ƙarfe 9 zuwa 10 da rabi, neman aiki, babu alama. 10 da rabi zuwa azahar, zanen kwastoma, da alama. Bayan la'asar, minti 40 ana jiran fayil ya hau saboda sabis ya yi rauni, babu alama. Bayan isha'i, awa ɗaya ana hira da wani da ke ƙasar waje yana tambayar farashi, babu alama.

Da mutumin namu ya tattara nasa, cikin awa 40 na mako ya tarar awa 7 sun tafi a neman aiki, 4 a amsa saƙonni da kiran waɗanda ba su riga sun zama kwastoma ba, 3 a gyare-gyaren da suka wuce yarjejeniya amma ya yi don kada a ba shi mummunan maki, 3 a koyon sabon abu da gyara samfuran aikinsa, 3 kuma a jiran wuta da sabis da zirga-zirgar cire kuɗi. Awa 20 ke nan ba mai biya. Saura 20.

Kada ka ɗauki waɗancan awannin a matsayin ɓata lokaci. In ba a nemi aiki ba, ba za a samu ba. Aiki ne na gaske, sai dai kuɗinsa dole ya fito daga cikin awannin da ake biya. Mako 46 sau awa 20 ya ba da awa 920 a shekara. Raba 5,400,000 da 920, za ka samu kusan 5,870, mu cike shi 5,900. Wannan ne abin da dole ya shiga hannunsa a kan kowace awa da aka biya. Ka dubi tazararsa da 2,800 ɗin farko, ya ninka har da ɗoriya. Wanda ya tsaya a lissafin farko, rabin bukatarsa kawai zai riƙa samu, kuma ba zai gane inda kuɗin ke zurarewa ba tunda kullum yana cikin aiki.

Mataki na uku: kason dandali, kuma rabawa ake yi

Naira 5,900 abin da zai iso hannunka ne. Abin da za ka faɗa wa kwastoma ya fi haka, saboda dandalin zai cire nasa kafin ka ga ko sisi. Fiverr yana cire kashi 20 cikin ɗari na duk abin da aka biya ka. Upwork ya koma kashi 10 ga kowa a 2023, sannan daga Mayun 2025 ya mai da shi mai sauyawa tsakanin sifili da kashi 15 gwargwadon aikin, kuma yana nuna maka kason a shafin da kake tura neman aiki. Ka duba shi kowane lokaci kafin ka rubuta farashi.

Kuskuren da ake yi shi ne a ce tunda za a cire kashi 20, bari in ƙara kashi 20. Gwada ka gani. Kashi 20 na 5,900 shi ne 1,180, jimilla 7,080. Amma dandalin daga 7,080 zai cire nasa, ba daga 5,900 ba, wato zai ɗauki 1,416, ya bar maka 5,664. Ka yi giɓin naira 236 a kowace awa. Kamar ba komai ba, amma a awa 920 ya haura 217,000, kusan rabin hayar mutumin namu. Daidai shi ne ka raba da abin da zai rage maka. In za a cire kashi 20, saura 0.8, sai ka raba 5,900 da 0.8, ka samu 7,375. In kashi 10 ne, ka raba da 0.9, ka samu kusan 6,560.

A Upwork akwai wani kuɗin da ba ya cikin kason, wato Connects, waɗanda ake kashewa duk lokacin da aka tura neman aiki, kowane ɗaya santi 15 na dala. A ce yana tura nema 20 a wata, kowane yana cin 12. Guda 240 ke nan, dala 36 a wata, ko an ɗauke shi ko ba a ɗauke shi ba. Awanninsa da ake biya a wata kusan 77 ne, don haka wannan kuɗin yana ƙara kusan rabin dala a kan kowace awa. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mataki na huɗu: dalar da ke allo da nairar da ke shiga asusu

Tsakanin dandali da bankinka akwai wata zaftarewar: kuɗin cirewa, da kason kamfanin da ke tura kuɗin irin su Payoneer, da bambancin canjin da suke bayarwa da wanda kake ji a labarai. Ba sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Ka buɗe cirewarka ta ƙarshe, ka dubi dala nawa suka bar dandalin, ka dubi naira nawa alat ya nuna, ka raba. Mutumin namu ya cire dala 200, naira 288,000 suka shigo. Canjinsa na gaskiya 1,440 ne, ko da a ranar ana cewa dala 1,500 ce. Duk kuɗaɗen hanya suna cikin wannan lamba ɗaya.

Shawarata ita ce ka ƙara sauko da ita kaɗan. Mun saba tunanin dala hawa kawai take yi, saboda mun ga yadda ta tashi daga wajen 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Amma a Afrilun 2024 ta sauko ƙasa da 1,200 na ɗan lokaci, kuma kuɗin masara da haya ba su biyo ta ba. Ga shi kuɗinka ba ranar da ka yanka farashi suke zuwa ba. Fiverr yana riƙe kuɗi kwana 14 bayan an kammala aiki ga yawancin masu sayarwa. Don haka mutumin namu ya yi lissafi da 1,400.

A Fiverr, 7,375 a raba da 1,400 ya ba da kusan dala 5.30. A Upwork mai kashi 10, 6,560 a raba da 1,400 ya ba da kusan 4.70, a ɗora rabin dalar Connects ya zama 5.20. Ka ga dandalin da ake ganin ya fi sauƙin kaso da rabi, a aljihun wannan mutumin bambancinsa bai wuce santi 10 ba. Ga wanda ake yawan ɗauka da nema kaɗan, tazarar za ta fi haka faɗi.

Ga lissafin a dunƙule:

```
kuɗin awa = bukatar shekara ÷ awannin da ake biya ÷ (1 − kason dandali) ÷ canjin gaskiya
5,400,000 ÷ 920 ÷ 0.8 ÷ 1,400 = 5.24
```

Ɗan bambancin da 5.30 daga cikewar da muka yi a hanya ne. Kullum ka cike sama, kada ka cike ƙasa.

Yadda ake amfani da lambar idan kwastoma ya zo

Galibin ayyuka ba da awa ake yanka su ba, kuɗin aiki ɗaya ake faɗa. Lambar tana nan da amfaninta, kai ne za ka yi lissafin a ɓoye. Wani ya turo wa mutumin namu saƙo a Fiverr yana son tambarin shagonsa. Daga littafinsa ya san irin wannan aikin yana cin awa 1 wajen fahimtar abin da ake so, awa 5 wajen zana samfuri uku, awa 2 wajen gyara sau biyu, awa 1 wajen shirya fayiloli da miƙawa. Awa 9 sau 5.30 ya kama dala 47.70, wato 50. Ka lura gyara biyun da ke cikin yarjejeniya a nan ake ƙirga su, waɗanda suka wuce yarjejeniya ne muka sa a awannin da ba a biya. Kada ka ƙirga abu ɗaya sau biyu.

Dala 50 ba ita zai faɗa ba. Ita ce inda ciniki ke tsayawa. Farashin da zai faɗa ya danganta da ƙwarewarsa da abin da masu irin aikinsa ke karɓa da kuma girman mai neman aikin, yana iya zama 80 ko 120. Kwastoma daga Turai ko Amurka bai san kuɗin haya a Samaru ba, kuma bai kamata arhar Zariya ta zama rangwamen da kake ba shi kyauta ba. Ita arhar ribarka ce.

To a ce kwastoman ya taya dala 30. Fiverr ya cire 6, saura 24, a canjin 1,440 naira 34,560 ke nan. Kuɗi ne mai ɗan kauri idan alat ya shigo, shi ya sa ake ruɗuwa. Amma raba shi da awa 9, za ka samu 3,840, alhali ana bukatar 5,900. Kowace awa ta aikin nan yana cike ta da sama da naira 2,000 daga aljihunsa. Ba sai ya kori kwastoman ba, aikin zai rage ya dace da kuɗin. Dala 30 tana sayen awa 5 da rabi, don haka sai ya ce masa a wannan kuɗin zai yi samfuri ɗaya da gyara ɗaya, in ana son uku da gyara biyu ga farashinsu. Da yawa sukan zaɓi ɗaya daga ciki. Wanda ya dage sai duka a kan 30, a ce masa albarka.

Kwastoman gida lissafinsa ya fi sauƙi, tunda babu kason dandali babu canji: 5,900 sau awanni. Sai dai yana da nasa cin lokacin. Alhaji mai shago a PZ ko Tudun Wada zai ce, "Malam, ka zo mu zauna mu yi magana," kuma zuwa da dawowa daga Samaru da zaman jira za su iya cinye rabin yini. Ka sa waɗannan awannin da kuɗin mota a cikin farashi, ka karɓi rabin kuɗin kafin alƙalami, ka kuma faɗi adadin gyara tun a zaman farko, cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, gyara biyu na cikin kuɗin, na uku kuma da nasa."

Idan kasuwa ta ƙi biyan lambar

Wannan yana faruwa, musamman ga sabon shiga ko mai aikin da masu yin sa suka yi yawa, irin shigar da bayanai. Lissafin bai yi ƙarya ba, yana gaya maka ne aikin a yadda yake ba zai riƙe gidanka ba, kuma gara ka sani yanzu. Wurin da ya fi saurin motsawa shi ne awannin da ba a biya. In mutumin namu ya samu kwastomomi biyu masu dawowa duk wata, neman aikinsa ya ragu, awannin da ake biya suka tashi daga 20 zuwa 26 a mako, shekararsa ta zama awa 1,196, kuɗin awarsa ya sauko zuwa kusan 4,500 ba tare da ya rage ko mudu ɗaya a cefane ba. Shi ya sa za ka iya yi wa tsohon kwastoma sauƙin da ba za ka yi wa sabo ba. Sabon shiga kuma yana iya karɓar aiki biyu ko uku ƙasa da lambar don ya samu maki a dandali, amma ya ƙayyade adadinsu tun farko, ya rubuta giɓin a matsayin kuɗin talla. Mai albashi ko ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello da ke yin aikin a gefe, sai ya sa abin da yake so aikin ya ɗauke masa kawai a matsayin bukata, ya raba da 'yan awannin da yake da su.

Akwai alamun da ke nuna lambarka ta yi ƙasa ko ta tsufa. Kana cike da aiki wata uku a jere amma lokacin haya ya zo babu ajiya. Kowane kwastoma yana amsa farashinka nan take ba tare da ya taya ba. Ko kuma kana taɓa kuɗin kwamfuta don yin cefane. In ka ga ɗaya daga ciki, koma kan littafin awanni tukuna, domin galibi a can ɓarakar take: aikin da ka ɗauka awa 9 ne yana cin 13.

Ka sake lissafin duk bayan wata uku, da kuma duk ranar da wani babban layi ya motsa. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ya sauya kuɗin janareta da na mota cikin kwanaki. Ƙarin kashi 50 da hukumar sadarwa ta amince wa kamfanonin waya a Janairun 2025 ya taɓa layin data. Ƙarin haya, sabuwar haihuwa, ko sauyin kason dandali, kowanne yana bukatar a sake rabawa. In sabuwar lambar ta haura abin da tsofaffin kwastomomi ke biya, ka sanar da su wata guda kafin ka fara aiki da ita, sababbi kuma ka faɗa musu sabon farashin daga ranar.